Inda Ake Kafa Cibiya Idan Ana Tara Ƙarfin Juyi a Lissafin Abin da Ke Tsaye Cik

Duk wanda ya zauna warware lissafin abin da ke tsaye cik, kamar katakon da aka kafe a bango ko tsanin da aka jingina, ya san cewa sharuɗɗa biyu ne ke riƙe da aikin. Na farko shi ne jimlar dukkan ƙarfin da ke aiki a kan abin ta zama sifili, a kwance da kuma a tsaye. Na biyu shi ne jimlar ƙarfin juyi ta zama sifili. Sharaɗin farko ba ya neman wani zaɓi daga mai lissafi, amma na biyu yana nema, domin ba a auna ƙarfin juyi sai an ce daga wane ɗigo ake aunawa. Wannan ɗigon shi nake kira cibiya, kuma inda aka kafa shi ne ke sa lissafi ya ƙare a layi biyu ko ya cika shafi.

Ƙarfin juyi shi ne girman ƙarfi sau hannun juyinsa. Hannun juyi kuwa shi ne tazara mafi gajarta daga cibiya zuwa layin da ƙarfin yake bi, wato layin da za a samu idan aka miƙar da kibiyar ƙarfin gaba da baya ba iyaka. Wannan ma'anar tana ɗauke da dukkan dabarar da ake magana a kai. Idan layin wani ƙarfi ya ratsa ta cibiya, hannun juyinsa sifili ne, saboda haka ƙarfin juyinsa ma sifili ne, komai girmansa, kuma ko an san girman ko ba a sani ba. Wanda ya tura ƙofa daidai kan hinjinta ya ga haka da idonsa, don ƙofar ba ta motsawa ko da ya sa dukkan ƙarfinsa.

Tambayar da ta fi damun ɗalibai ita ce ko ya halatta mutum ya kafa cibiya inda ya ga dama. Da yawa suna ɗauka cewa dole cibiya ta zama wurin da abin zai juya da gaske, kamar hinji ko madogara. Ba haka ba ne, kuma dalilin yana da sauƙin gani. A ɗauki katako a kwance wanda ƙarfi iri-iri ke aiki a kansa, wasu sama wasu ƙasa, a ce an tara ƙarfin juyinsu daga wani ɗigo an samu sifili. Idan aka matsar da ɗigon mita ɗaya zuwa hagu, hannun juyin kowane ƙarfi na tsaye zai canza da mita ɗaya daidai, don haka jimlar ƙarfin juyi za ta canza da mita ɗaya sau jimlar dukkan ƙarfin tsaye. Tun da abin yana tsaye cik, wannan jimlar sifili ce, ke nan babu abin da ya canza. Haka nan idan aka matsar da ɗigon sama ko ƙasa, jimlar ƙarfin kwance ce za ta shigo, ita ma sifili ce. Abin da ba ya juyawa, ba ya juyawa ne ta kowane ɗigo, ko ɗigon yana jikinsa ko yana cikin iska nesa da shi. Saboda haka cibiya zaɓi ne na mai lissafi, kuma ya kamata ya zaɓe ta inda za ta rage masa aiki.

Ga misali da za mu bi dalla-dalla. Akwai sandar ƙarfe mai tsawon mita 4, nauyinta 200 N, wato newton 200, ma'aunin ƙarfi, kuma kaurinta ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, don haka nauyinta yana aiki ne a tsakiyarta, mita 2 daga kowane gefe. An kafe bakinta na hagu a bango da hinji, tana kwance sosai. An ɗaure igiyar waya a bakinta na dama, igiyar ta hau ta koma bango sama da hinjin, tana yin kusurwar digiri 30 da sandar. An rataye kaya mai nauyin 500 N a mita 3 daga bango. Abubuwan da ba a sani ba uku ne: jan igiyar, wanda za mu kira T, da ɓangaren kwance na ƙarfin hinji, Hx, da ɓangarensa na tsaye, Hy. Ana raba ƙarfin hinji gida biyu ne saboda hinji yana iya tura sanda ta kowace fuska, kuma ba mu san girman turin ko fuskarsa ba tukuna.

Bari mu fara da zaɓin da ba shi da amfani, don a ga abin da ake gudu. Mutum na iya cewa tsakiyar sanda ce ta fi dacewa, tun da a nan nauyinta yake. Idan aka kafa cibiya a nan, nauyin sandar ya fita daga lissafi, Hx ma ya fita domin layinsa yana bin tsawon sandar. Idan muka ɗauki juyi akasin hannun agogo a matsayin tarawa, abin da ya rage shi ne:

(T sin 30°)(2) − (Hy)(2) − (500)(1) = 0

Wannan ikweshan daidai yake, babu kuskure a cikinsa, sai dai yana ɗauke da abubuwa biyu da ba a sani ba, kuma dole a haɗa shi da wani kafin a samu ko da amsa ɗaya. Abin da ya faru shi ne an ɓarnatar da damar wajen kawar da nauyin sanda, alhali an riga an san shi 200 N ne kuma bai hana kowa komai ba. Ƙarfin da aka sani ba ya bukatar a kore shi, wanda ba a sani ba shi ake kora.

Yanzu a kafa cibiya a kan hinji. Hx da Hy duka suna aiki ne a wannan ɗigon, saboda haka su biyun sun fita a lokaci guda, T kaɗai ya rage. Nauyin sanda yana neman juya ta ƙasa da hannun juyi na mita 2, kayan da aka rataye yana neman juya ta ƙasa da hannun juyi na mita 3, igiyar kuwa tana riƙe da ita sama. Wajen igiyar ne ake yawan tuntuɓe, domin ba ta jan sandar kai tsaye zuwa sama. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba jan igiyar gida biyu a inda aka ɗaure ta. Ɓangaren kwance, T cos 30°, yana bin tsawon sandar har ya ratsa hinji, don haka ba ya juya komai. Ɓangaren tsaye, T sin 30°, shi ne mai hannun juyi na mita 4. Wannan rabawar ta halatta ne bisa ƙa'idar da ake jinginawa ga Pierre Varignon, masanin lissafi ɗan Faransa da ya rasu a 1722, wadda ta ce ƙarfin juyin kowane ƙarfi daidai yake da jimlar ƙarfin juyin ɓangarorinsa. Sai mu samu:

(T sin 30°)(4) = (200)(2) + (500)(3)

Tun da sin 30° rabi ne, hagu ya zama 2T, dama kuwa 400 da 1500, wato 1900. Ke nan T = 950 N. Layi ɗaya ya ba da amsa, ba tare da an taɓa ƙarfin hinji ba.

Ya kamata a tsaya a dubi wannan adadin. Dukkan nauyin da ake ɗauke da shi 700 N ne, amma igiyar tana ja da 950 N. Wanda bai saba ba zai zaci kuskure ne, alhali dalilin a fili yake: igiyar ta kwanta sosai, rabin janta kawai ke tafiya sama, ɓangarensa na kwance kuwa, wanda ya fi girma, yana matse sandar ne zuwa bango. Da an rage kusurwar, da jan ya ƙara hauhawa.

Fitar da Hx da Hy daga ikweshan ɗin juyi ba ya nufin sun ɓace daga duniya. Hinjin yana nan yana ɗauke da kaya, kuma wanda zai zaɓi ƙusoshin da za su riƙe shi yana bukatar sanin nawa ne. Da T a hannu, jimlar ƙarfi ta ba da sauran. A kwance, igiyar tana jan sandar zuwa bango da 950 × cos 30°, wato kusan 823 N, don haka hinjin yana tura ta waje da Hx = 823 N. A tsaye, igiyar ta ɗauki 475 N daga cikin 700 N, ya rage Hy = 225 N zuwa sama. Idan aka haɗa ɓangarorin biyu, ƙarfin hinji kusan 853 N ne, yana kallon sama da kwance da kimanin digiri 15. Wannan ya nuna kuskuren masu ɗaukar cewa ƙarfin hinji kullum yana bin tsawon sanda, domin a nan bai bi ba.

Akwai wani rauni a wannan hanyar da ya kamata a lura da shi. Hx da Hy duka sun dogara ne a kan T, saboda haka idan an yi kuskure wajen T, kuskuren zai gangara cikin sauran amsoshin biyu ba tare da wata alama ba. Maganin wannan shi ne a sake kafa cibiya a wani wuri don a samu kowace amsa ita kaɗai. Idan Hy ake so, sai a tambaya: a ina layin T da layin Hx suka haɗu? Layin Hx yana bin tsawon sandar, layin T yana bin igiyar, kuma sun haɗu a bakin sandar na dama. Daga wannan ɗigon, nauyin sanda yana da hannun juyi na mita 2, kayan yana da mita 1, Hy kuwa yana da mita 4:

(Hy)(4) = (200)(2) + (500)(1)

Wannan ya ba da 900 a raba 4, wato 225 N, daidai da abin da aka samu a baya, kuma ba a yi amfani da T ko kaɗan ba.

Na uku ya fi ban sha'awa, domin cibiyarsa ba ta kan sandar. Idan Hx ake so shi kaɗai, sai a nemi inda layin T da layin Hy suka haɗu. Layin Hy yana hawa sama ne ta jikin bango daga hinji, layin T yana bin igiyar, kuma sun haɗu a inda aka ɗaure igiyar a bango. Tsayin wannan wurin sama da hinji shi ne 4 × tan 30°, wato kusan mita 2.31. Daga nan, hannun juyin nauyin sanda har yanzu mita 2 ne, na kayan mita 3, domin tazararsu a kwance daga bango ba ta canza ba, Hx kuwa yana da hannun juyi na mita 2.31. Sai a raba 1900 da 2.31, a samu kusan 823 N. A ganina wannan shi ne matakin da ke raba wanda ya haddace cewa a kafa cibiya a kan hinji da wanda ya fahimci dalilin. Abin da ake nema shi ne mahaɗar layukan ƙarfin da ba a so, kuma hinji ya zama zaɓi mai kyau ne kawai saboda layuka biyu da ba a sani ba sun haɗu a kansa.

Tsanin da aka jingina da bango yana nuna wannan a fili, don a can mahaɗar tana iya faɗawa cikin iska. A ce tsani ne mai tsawon mita 5 da nauyin 120 N, ƙafarsa tana mita 3 daga bango, kansa yana mita 4 sama da ƙasa, bangon kuma mai santsi ne, ba ya yin gogayya da tsanin. Mutum mai nauyin 700 N ya hau har mita 4 a jikin tsanin, wato mita 2.4 a kwance daga ƙafar tsanin. Abin da ake so a sani shi ne ƙarfin gogayyar da ƙasa za ta bayar don kada ƙafar ta zame. Sauran biyun da ba a sani ba su ne turin bango, wanda yake a kwance a tsayin mita 4, da turin ƙasa, wanda yake a tsaye ta ƙafar tsanin. Layukansu sun haɗu a wani ɗigo mita 4 daidai sama da ƙafar tsanin, inda babu komai sai iska. Daga nan gogayyar tana da hannun juyi na mita 4, nauyin tsani yana da mita 1.5, nauyin mutumin mita 2.4, don haka gogayya sau 4 daidai take da 180 da 1680, wato 1860, gogayyar kuwa 465 N. Turin ƙasa 820 N ne, ke nan dole ƙasan ya iya ba da gogayyar da ta kai kusan kashi 57 cikin 100 na turinsa, in ba haka ba tsanin ya zame.

Kuskuren da aka fi yi bayan an zaɓi cibiya mai kyau shi ne auna hannun juyi ta jikin abin maimakon zuwa layin ƙarfi. A misalin tsani, wanda ya rubuta 700 × 4 saboda mutumin ya hau mita 4 ya auna tazara ta jikin tsanin zuwa inda ƙarfin yake aiki ne, alhali nauyi yana sauka a tsaye, hannun juyinsa kuwa tazarar kwance ce, mita 2.4. Kuskure na biyu shi ne sauya cibiya a tsakiyar ikweshan ba tare da sani ba, kamar a auna tazarar kaya daga bango alhali cibiya tana bakin dama. Duk tazarar da ke cikin ikweshan guda dole ta fito daga ɗigo guda. Hanyar gane waɗannan kurakuran ita ce a ɗauki amsoshin a zuba su cikin ikweshan ɗin da ba a yi amfani da shi ba. A nan ne zaɓin tsakiyar sanda da muka ƙi a farko yake da amfani: 475 sau 2, wato 950, a cire 225 sau 2, wato 450, a cire 500 ya ba da sifili, alamar cewa T da Hy sun dace da juna.

Wani lokaci amsa takan fito da alamar ragi, kuma wannan ba kuskure ba ne. A ce an mayar da igiyar zuwa tsakiyar sandar, mita 2 daga bango, da kusurwar digiri 30 ɗin nan. Daga hinji, (T sin 30°)(2) = 1900, wato T = 1900 N, ɓangarensa na tsaye kuwa 950 N, wanda ya zarce dukkan nauyin 700 N. Saboda haka Hy = −250 N. Ma'anar ragin ita ce an zana kibiyar tana kallon sama alhali hinjin yana danne sandar ƙasa ne, domin kayan da ke bayan maɗaurin igiyar yana neman ɗaga bakin da ke jikin bango. Ba a bukatar a san fuskar ƙarfin da ba a sani ba kafin a fara, layinsa kawai ake bukata, kuma layin ne ke tantance inda cibiya za ta zauna.

Wannan dabarar tana da iyaka, kuma iyakar farko ita ce sandar da aka binne bakinta cikin bango maimakon a sa mata hinji. Irin wannan maƙalar tana hana juyi, saboda haka bayan ƙarfin kwance da na tsaye, bangon yana ba da nasa ƙarfin juyi, wanda ba shi da layi ballantana a ratsa shi da cibiya. Girmansa ɗaya ne daga kowane ɗigo aka auna, don haka yana shiga kowane ikweshan na juyi. Sanda marar nauyi mai tsawon mita 2 da ke ɗauke da 300 N a bakinta tana bukatar bango ya ba da ƙarfin juyi na 600 N·m. Wanda ya kafa cibiya a jikin bango ya share komai da ke wurin, kamar yadda ya saba yi da hinji, zai samu 600 = 0, kuma wannan amsar da ba ta yiwuwa ita ce alamar cewa ya manta da juyin bangon. Haka kuma idan ƙarfi biyu da ba a so suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, layukansu ba za su taɓa haɗuwa ba, babu ɗigon da zai kore su tare. A nan sai a koma ga jimlar ƙarfi ta fuskar da ta yi kusurwar digiri 90 da su, inda su biyun ba su da wani ɓangare.

Iyaka ta biyu ta fi zurfi. Tun da ana iya kafa cibiya a ko'ina, mutum na iya zaton zai samu ikweshan adadin da ya so. Ba zai samu ba. Abu guda mai tauri da ke tsaye cik a kan shimfiɗa ɗaya yana ba da ikweshan uku ne kawai masu cin gashin kansu, kuma duk wani na huɗu maimaicin waɗannan ukun ne da wata kama. Ana iya ɗaukar ukun duka daga juyi, kamar yadda muka yi da hinji da bakin sanda da maɗaurin igiya a bango, amma da sharaɗin kada ɗigon uku su kasance a kan layi ɗaya. Da mun ɗauki hinji da tsakiya da bakin sanda, Hx ba zai bayyana a ko ɗaya ba, domin layinsa ya ratsa dukkansu, kuma na uku ba zai ƙara komai a kan biyun farko ba. Saboda wannan ne katakon da ke kwance a kan madogara uku yake gagarar wannan hanyar. Turin madogaran uku duka a tsaye suke, ikweshan ɗin kwance ba ya cewa komai, ya rage biyu ga abubuwa uku da ba a sani ba. Mai lissafi na iya kafa cibiya a kan madogara ta farko, ya koma ta biyu, ya koma ta uku, amma da ya haɗa ikweshan ɗin zai ƙare da 0 = 0. Don a san yadda nauyin ya rabu a tsakanin madogaran, dole a shigo da yadda katakon yake lanƙwasa a ƙarƙashin kaya, wato taurin abin da aka yi shi da shi da siffar kaurinsa, da kuma ko madogaran uku suna kan tsayi ɗaya.